Wa Ake Jira a Shagon Dinatu

Duk wanda ya yi karatu a Samaru a shekarun nan ya san shagon Dinatu. Ko dai ya kai mata aiki, ko ya sha faɗanta, galibi kuma duka biyun. Ɗan shago ne a layin masu buga takardu, mai tebur biyu da benci ɗaya da fankar da sai an tura ta da biro take tashi. Ɗalibi zai miƙo mata furojet ɗinsa yana taƙama, ta ɗora tabarau a kan hanci, ta karanta shafin farko, ta ce masa, "Wannan jimlar ba ta da ƙafa. Kai ka rubuta ko barci ya rubuta maka?" Daga nan ta gyara masa ba tare da ta ƙara ko kwabo a kuɗin aiki ba. Shi ya sa suke tsoronta, shi ya sa kuma suke komowa.

'Yar Wusasa ce. Ta koyi bugun tafireta tun tana budurwa, ta yi shekara ashirin da huɗu a ofishin wani sashe na jami'a, tana buga takardun jarrabawa da wasiƙun manya. A zamaninta an ce ba ta kallon yatsunta, ba ta kuma neman farin ruwan goge kuskure. Da ta yi ritaya, shekara guda bayan rasuwar mijinta, sai ta ƙi zaman gida. Ta sayi kwamfuta ta hannu, irin wadda ake kira tokumbo, ta zauna tana da shekara hamsin da biyu ta koye ta kamar 'yar firamare. Waɗanda suka yi mata dariya a lokacin su ne daga baya suka riƙa kawo mata katin bikin 'ya'yansu.

A shekarar 2006 ne aikin da ya fi kowane girma a rayuwarta ya faɗo mata. Zumuntar Mata ta ikilisiyarsu za ta cika shekara hamsin, aka ce a yi littafi: tarihin zumunta, da waƙoƙi, da hotunan iyaye mata da suka kafa ta. Uwar Zumunta ta ce ba za a kai aikin waje ba alhali ga 'yar gida. Mata suka yi ta kawo hotuna a cikin ambulan da leda da tsakiyar Littafi Mai Tsarki, har suka haura ɗari da hamsin. Mai maɗaba'a a Sabon Gari ya ba da rana, ya ce in faifan aikin bai iso hannunsa a ranar ba, kada a nemi littafi ranar biki.

A nan ne kwamfutar ta fara nuna hali. In bugun rubutu ne zalla, ba ta da laifi. Amma da zarar Dinatu ta buɗe Korel, manhajar da take jera shafuka da ita, ta ɗora hoto na huɗu ko na biyar, sai komai ya tsaya cik. Ta danna, shiru. Ta jira, ta sha ruwa, ta gaisa da mai wucewa, sannan hoton ya motsa. Shafin da ya kamata ya ci minti goma sai ya cinye awa guda. Saura kwana goma sha biyu, ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Ɗanta Martin, wanda ke aiki a Kaduna, ya daɗe yana nema ta rufe shagon ta koma wurinsa. Da yake sunan surukinta ya ci, ba ta taɓa kiran sunan nan da bakinta ba, Babana take ce masa. Da ya ji halin da ake ciki sai ya aiko mata da naira dubu goma ta hannun direba, ya biyo da waya.

"Mama, na tambayi wani abokina a ofis, ya san kwamfuta sosai. Ya ce tun da hoto ne ke ba ki wahala, girafik kad za ki saya. Katin hoto ke nan. Shi ke kula da hotuna."

"To, na ji."

"Amma Mama, mu yi magana ta gaskiya. In littafin nan bai fito ba, ki haƙura da shagon nan. Ɗakinki yana nan a share."

Da ta yi shiru da ya fi mata, amma Dinatu ba ta iya barin magana ta faɗi ƙasa ba. Ta ce, "Na yarda. In kuma ya fito, ba za ka sake tayar mini da zancen Kaduna ba." Ya ce ya yarda. Sai bayan ta ajiye wayar ne ta gane girman abin da ta jingina. Shagon nan ne dalilin da take ɗaura ɗankwali da safe.

Washegari ta shiga bas zuwa unguwar kantuna ta PZ, shagon Uzodinma, wanda a wurinsa ta sayi kwamfutar tun farko. Mutum ne mai fara'a da ba ya barin abokin ciniki ya fita hannu sake. Ta ce katin hoto take so. Ya girgiza kai kamar likitan da aka kawo wa mara lafiya a makare.

"Mama, no be kad. Furosesa ne. Shi ne ƙwaƙwalwa, shi ne oga. Naki ya tsufa. Ga wani nan, ya fi naki gudu nesa, zai shiga injinki daidai. In kin sa, kwamfuta zai tashi kamar jirgi."

Ya ɗora mata ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu a tafin hannu. Ta tambayi kuɗinsa, ta tambayi na katin. Kowanne shi kaɗai zai cinye kusan duk abin da ke jakarta. Ga ɗanta ya ce kati, ga mai kaya ya ce furosesa, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya ga kwamfutar tana aikin. Abin da ya tsaya mata a rai ke nan. Ta mayar masa da ƙarfensa, ta ce za ta dawo, ta fita yana kiran "Mama, zan rage miki."

Daga nan ta taka zuwa wurin Oladipo. Haifaffen Sabon Gari ne, Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan. Mahaifinsa ne ke gyara tafiretocin ofishinsu a da, shi ma ya gaji sana'ar, da tafireta ta mutu ya bi ta kan kwamfuta. Yanzu furfura ta kama shi, yana da halin da ke ba mutane haushi: ba ya taɓa faɗin ciwon inji sai ya gan shi.

"Baban Tomiwa, kati ko furosesa? Faɗa mini ɗaya in saya in wuce."

"Maman Martin, ko boka sai ya ga mara lafiya. Gobe da hantsi ina Samaru, in NEPA ta yarda."

NEPA ta yarda. Ya zo bai ko buɗe jakar kayan aikinsa ba. Ya ja benci ya zauna, ya ce ta yi aikinta yadda ta saba. Kafin ta fara ya danna makullai uku a tare, wani ɗan allo ya fito mai koren zane da lambobi. Ya nuna mata na sama, ya ce wannan yawan aikin da furosesa ke yi ne, daga sifiri zuwa ɗari. Ya nuna mata lambobin ƙasa, ya ce wannan memori ne, wanda ake kira ram: ga abin da injin yake da shi, ga kuma abin da ayyukan da aka buɗe suke nema.

"Naki ɗari biyu da hamsin da shida ne. A ciki ma allon ya yanki talatin da biyu yana nuna hoto da shi, tun da ba ki da kati na daban. Saura ɗari biyu da ashirin da huɗu. Duba nan, ba ki buɗe komai ba tukuna, Windo da maganin bairos sun riga sun cinye kusan ɗari da casa'in."

Ta buɗe Korel, ta ɗora hotuna. A na biyar komai ya tsaya kamar kullum. Oladipo ya ce, "Yauwa. Yanzu duba oga." Ta duba. Koren zanen furosesa yana kwance a ƙasa, bakwai, goma sha ɗaya, tara. Lambar abin da ake nema kuwa ta haura ɗari shida. Ya sa yatsa ya nuna mata wata 'yar jar fitila a gaban akwatin, wadda ta kama ta ƙi mutuwa, ya ce ta kasa kunne. Ta ji ƙarar da ta daɗe tana ji ba ta kula ba, wani ƙurrr-ƙurrr kamar ɓera a cikin buhun masara.

"Hadis ke nan, ma'ajiyar injin. In memori ya cika, sai a riƙa kwashe aiki ana kaiwa can, ana ɗebowa. Shi kuma hadis ba shi da sauri ko kaɗan in aka gwada shi da memori. Furosesanki ba gajiya ya yi ba, zaman jira yake yi."

Dinatu ta cire tabarau. Wannan abu ta san shi, ta ma rayu a cikinsa. Ta ce akwai shekarar da aka ba ta wani ɗan tebur da ba ya ɗaukar fiye da fayil biyu, sauran suna cikin kabad a ƙarshen baranda. Yini take yi tana kai da komo, shugaban sashe kuma yana cewa ta rage sauri. "Da a ce sun sauya ni sun kawo wadda ta fi ni hannu," in ji ta, "da ita ma barandar za ta yini a kai."

"To kin gama gane shi. Uzodinma sabuwar akawu yake son sayar miki, alhali tebur ne ya yi kaɗan."

"Katin Babana fa?"

Ya ce abokin Martin bai yi ƙarya ba, amma ba irin wannan hoton ake nufi ba. Katin yana amfani ne ga masu wasannin kwamfuta da ɗaliban zanen gine-gine da ke juya gini ta kowace fuska. Hoton da ke kwance a shafi ba ya wahalar da shi. In ta sa katin, abin da za ta samu shi ne talatin da biyun nan da allon ya yanka su dawo mata, ita kuwa kusan ɗari huɗu take nema. Don kada ta ce ya zalunci furosesa, sai ya sa ta rufe komai, ta juya shafi biyu zuwa fayil ɗin da maɗaba'a ke karɓa. Nan koren zanen ya harba sama ya daɗe a can. Ya ce, "Kin gani, a wannan aikin shi ake jira. Amma sau nawa za ki yi shi? Sau ɗaya a ƙarshen littafi. Ki sa shi, ki tafi ki ci abinci."

Sai ya buɗe hoto ɗaya ya duba girmansa, ya juyo ya kalle ta. Ya tambaye ta a lamba nawa take sa na'urar da take shigar da hotunan cikin kwamfuta da ita. Ta ce a ɗari shida, iyakar abin da take ganin ya dace. Ya ce ɗari uku ya ishi maɗaba'a, tun da ba faɗaɗa hotunan za a yi ba, kuma ninka lambar sau biyu ninka nauyin hoton ne sau huɗu.

"Iyayenmu ne fa," in ji ta. "Waccan ita ta yi mini wankan jego. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, hoton nan ɗaya shi ne abin da ya rage. Ni ba zan rage su ba."

Oladipo bai yi dariya ba, ta kuwa yaba masa da wannan a ranta. Ya ce ta ajiye manyan a faifai, kowace uwa da cikarta, ta yi aikin littafin da ƙanana, ba wanda zai ga bambanci a takarda. Amma ko da hakan teburin bai isa ba, tun da kafin ta fara ma ya kusa cika. Ya kashe injin, ya zare waya daga bango, ya taɓa ƙarfen akwatin, sannan ya ɓalle 'yar koriyar sanda mai tsawon yatsa biyu. Ya nuna mata gurbi na biyu a gefenta, fayau babu komai. Ya naɗe sandar a takarda ya ce ta tafi da ita, ta sayi mai ɗari biyar da goma sha biyu irinta sak, ta haɗa su baki da baki ta ga tsagar da ke ƙasansu ta zo wuri ɗaya. Akwai mai tsaga biyu, akwai sabuwar fitowa mai tsaga ɗaya a wani wurin, duk ba za su shiga ba.

Uzodinma ya ɓata rai da ya ji abin da ta zo saya, don ribarsa ba ta kai ta furosesa ba, amma ya ɗauko. Ta tsaya a bakin ƙofa inda haske yake, ta gwada tsaga da tsaga kamar mai zaɓen atamfa. A bas ɗin komawa Samaru zuciyarta ba ta kwanta ba. Kuɗin ɗanta ne, ya faɗi abin da za a saya, ta saɓa. In bai yi ba, ba ta da bakin magana.

Ya yi. Oladipo ya danna sandunan biyu suka ce ƙas, injin ya tashi ya nuna ɗari bakwai da talatin da shida. Ta ɗora hoto biyar, ta ɗora goma, jar fitilar ta ƙifta ta mutu. Dinatu ta yi waƙar zumunta a ranar, ita da ba a san ta da waƙa a shago ba. Saura kwana tara, ga shafi saba'in na tarihi da aka rubuta da hannu suna jiran bugu, ta ce wannan ai wasa ne.

Da yamman kwana na biyu yatsunta suka kumbura. A na uku ta kasa riƙe kofi da hannu ɗaya. Ta daɗe da sanin ciwon, shekara biyu ke nan Martin yana roƙonta ta je asibiti a Shika tana cewa sanyi ne kawai. Abin da ba ta sani ba shi ne, duk tsayawar nan da kwamfuta ke yi tana tsine mata, a lokacin ne hannuwan ke hutawa. Yanzu babu tsayawa. Ta buga layi uku, ta tsaya ta murza gaɓoɓi, ta koma ta tarar da kuskure huɗu, ita da ba ta san goge kuskure ba.

Sai ta yi abin da aka koya mata. Ta danna makullan nan uku, ta zuba wa allon ido. Furosesa yana kan biyu. Memori da saura mai yawa. Jar fitila a mace, akwatin shiru. Ɗan layin da ke ƙiftawa a ƙarshen jimla yana ta ƙiftawa. Ta daɗe zaune, ta ji baƙin ciki irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka miƙa mata takardar ritaya, don a ranar tana da wanda za ta ɗora wa laifi.

Ta lissafa shafukan da take iya bugawa a yini, ta ga ba za su kai ba. Shago na uku daga nata akwai Martina, wata mai buga takardu da Dinatu ta sha cewa bugunta kamar kaza ta bi ta kan makullai, kuma maganar ta koma kunnen mai ita. Taku ashirin ne tsakaninsu. Dinatu ta ɗauki shafi hamsin, ta yi takun nan, ta yi sallama.

Martina ta dubi takardun, ta dubi hannuwan da ke riƙe da su, ba ta tambayi dalili ba. Ta ce, "Mama, wane girman harafi kike so?" Dinatu ta faɗa mata, ta ƙara da cewa bayan aya a bar tazara ɗaya, ba biyu ba. Haka suka yi kwana biyar, ɗaya tana bugawa, ɗaya tana gyara kuskure da jera hotuna. Faifan ya isa maɗaba'a ana saura yini guda.

Ranar biki mata suka cika harabar ikilisiya cikin anko, ana buga tulu, littafin yana yawo hannu zuwa hannu. Wata tsohuwa ta ga hoton yayarta ta rungume shafin. Aka kira Dinatu gaba aka yi mata guɗa. Da aka tashi ta koma gefe ƙarƙashin dalbejiya ta kira Kaduna.

"Babana, littafi ya fito."

"Na ji labari, Mama. Katin ya yi aiki ke nan."

"Ban sayi katinka ba. Memori na saya, shi ne ya yi kaɗan. Ka gaya wa abokinka ya riƙa ganin inji kafin ya rubuta magani."

Ya yi dariya, ya ce to ta ci, ba zai sake zancen Kaduna ba, alkawari kaya ne. Nan ya kamata ta ajiye waya, don abin da ta nema ta samu. Sai ta ji ba za ta iya karɓar nasarar a kan rabin gaskiya ba.

"Tsaya, ban gama ba. Shafi hamsin a ciki ba ni na buga ba, Martina ce. Injin ya gyaru sarai. Yanzu shi ne ke jirana."

Ta ƙara manna wayar a kunne. Ta shirya jin zancen ɗakin da ke a share, ta ma shirya amsarsa.

"Shagon naki ne, Mama, na riga na faɗa," in ji shi a hankali. "Amma ranar Litinin zan ɗauki hutu in zo mu je Shika a duba hannuwan nan."

Dinatu ta dubi yatsunta a kan wayar, sun ƙi lanƙwasuwa yadda take so.

"To," ta ce. "Ka zo da wuri, an ce layin yana da tsawo."